Yadda Ake Daidaita Launin Bidiyon Da Aka Ɗauka Da Haske Mabambanci

A ce an ɗauki hirar mutum biyu, mace da namiji, suna zaune a teburi ɗaya. Ɗaukar farko, wadda ke nuna su duka, an yi ta da rana, haske na shigowa ta taga. Kafin a kai ga ɗaukar fuskar matar rana ta faɗi, sai aka kunna kwan fitila mai hasken rawaya aka ci gaba, ba a taɓa saitin kyamara ba. Fuskar namijin kuma washegari aka ɗauke ta, a ƙarƙashin doguwar farar fitila irin ta ofis. Da aka jera su a kwamfuta, sai bangon ɗakin ya zama fari a ta farko, ruwan lemo a ta biyu, a ta uku kuma yana ɗan kore-kore. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya faru ba, amma duk sanda hoto ya sauya zai ji kamar an fitar da shi daga ɗakin an kai shi wani.

Da wannan hirar za mu yi aiki daga farko har ƙarshe. Bari mu kira ɗaukar rana A, ta matar B, ta namijin C. Zan bi matakan a manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve, domin wanda ake saukewa kyauta ma yana da duk abin da ake buƙata. Mai amfani da Premiere Pro zai sami irinsu a cikin Lumetri Color da Lumetri Scopes, sunayen maɓallai ne kawai suka ɗan bambanta.

Dalilin da ya sa launin ya karkace

Kowane haske yana da launinsa, kuma ana auna shi da lambar da ake rubuta K a bayanta. Hasken rana tsaka yana wajen 5600K. Fitilun ɗaukar fim masu zare a ciki suna kan 3200K, tsohon kwan fitilar gida kuma wajen 2700K. Inuwa ko ranar hadari tana kai 6500K ko sama. Ƙaramar lamba rawaya ce, babba shuɗi. Ƙwaƙwalwar mutum tana gyara wannan da kanta, shi ya sa farar takarda fara ce a idonka ko da rana ko da dare. Kyamara kuwa sai an gaya mata. An bar ta a 5600K aka ɗauki B da fitilar 3200K, shi ya sa komai ya rine da ruwan lemo.

Matsalar C daban ce. Dogayen fararen fitilu da kuma fitilun zamani masu araha sukan fitar da kore fiye da kima. Wannan ba a layin rawaya da shuɗi yake ba, a layin kore da ruwan hoda yake. Saboda haka manhajojin suke da maɓalli biyu: Temp na rawaya da shuɗi, Tint na kore da ruwan hoda. Wanda ya yi ta jan Temp don ya kori kore zai wuni bai gama ba.

Kafin ka taɓa komai

Ka kashe duk abin da ke sauya launin allonka da kansa, irin su Night light a Windows, da Night Shift da True Tone a na'urorin Apple. Ka rage hasken ɗakin da kake aiki, kada taga ta haska allon. Idan an ɗauki bidiyon da Log, wanda yake fitowa a koɗe kamar an wanke shi, ko kuma wayar ta ɗauka da HDR, sai ka fara mayar da kowane kilif zuwa Rec.709, wato ma'aunin launi na bidiyon yau da kullum, ta hanyar amfani da Color Space Transform da ke cikin manhajar. In ba haka ba kana gwada abu biyu ne da ba ma'auninsu ɗaya ba.

Sannan ka yarda da abu guda: idonka ba abin dogaro ba ne a wannan aikin. Ka ƙura wa B ido na minti ɗaya, ruwan lemon zai fara yi maka daidai, har in ka koma A ka ga kamar ita ce ta yi shuɗi. Don haka ake aiki da ma'aunai. A shafin Color ka buɗe Scopes. Guda uku za mu yi amfani da su. Waveform yana nuna haske, daga 0 a ƙasa, wato baƙi ƙirin, zuwa 1023 a sama, wato fari fat, kuma hagunsa da damansa su ne hagu da daman hoton. Parade shi ne dai wannan ma'aunin amma an raba shi uku, ja da kore da shuɗi, gefe da gefe. Vectorscope da'ira ce: tsakiyarta rashin launi, kuma yadda alama ta yi nisa da tsakiya haka launin ya yi ƙarfi.

Ƙa'idar Parade mai sauƙi ce. Duk abin da ba shi da launi, fari ko ruwan toka ko baƙi, dole ja da kore da shuɗinsa su tsaya a tsayi ɗaya. In ɗaya ya fi sauran tsawo, can hoton ya karkata.

Zaɓen ɗaukar da sauran za su bi

Ba a gyara kowace ɗauka ita kaɗai don ta yi kyau. Ana zaɓen ɗaya a mai da ita uwa, sauran su biyo ta. A nan A ce ta dace, saboda an ɗauke ta da saiti daidai, kuma tana ɗauke da duk abin da ke cikin sauran: fuskokin biyu, bango, teburi, tufafi. Ka fara gyara ta in tana buƙata, kaɗan dai. Daga nan ka danna dama a kan hoton ka zaɓi Grab Still, zai ɗauki hotonta a tsaye ya ajiye a Gallery. Da Image Wipe za ka iya raba allo biyu, rabi A rabi wadda kake gyarawa, su kuma ma'aunai za su nuna duka biyun a lokaci ɗaya.

Yanzu ka karanta A ka rubuta lambobinta a takarda. A misalinmu, mu ce bangon da ke bayan matar yana ja 700, kore 700, shuɗi 690. Baƙar kujerar da ke gefe tana wajen 40. Kuncin matar, ɓangaren da haske ya faɗa, yana wajen 430. Waɗannan lambobin na misali ne, naka za su bambanta. Abin lura shi ne ka zaɓi abin da ya bayyana a duka ɗaukar. Bango a A da farar riga a B ba abu ɗaya ba ne, ba a gwada su.

Gyaran B: haske tukuna

Ka koma B. Bango ɗaya ne, amma Parade na nuna shi kamar matakala: ja 580, kore 500, shuɗi 350. Baƙar kujera ta tashi zuwa wajen 85, shi ya sa hoton ya yi kamar da hazo. Fuska tana 300, ta yi duhu.

Ka fara da haske, launi ya jira. Launi yana sauya kama idan haske ya sauya, kuma wanda ya fara da launi zai sake shi daga baya. A ƙarƙashin Primaries akwai ƙafafu huɗu: Lift na duhu, Gamma na tsakiya, Gain na haske, Offset na hoton gaba ɗaya. Kowanne yana da ɗan gungura a ƙarƙashinsa wanda ke motsa haske kawai.

Ka sauke Lift har kujerar ta sauko daga 85 zuwa wajen 40. Kada ka danna ta ƙasa zuwa 0 don hoto ya yi ƙarfi, tunda a A ma ba ta kai can ba, kuma duk abin da ya manne a 0 ya rasa zanensa. Sai ka ɗaga Gain kana kallon kore kawai, har bango ya kai 700. Kore ake bi domin shi ne ke ɗauke da mafi yawan hasken da ido ke gani, kuma shi ne zai fi tsayawa wuri ɗaya idan an zo gyaran launi. A wannan lokacin ja zai haura 800, shuɗi yana wajen 490, hoton ya ƙara muni. Haka ake so, kada ka firgita.

Ɗaga Gain yakan ɗan janyo baƙi sama, don haka ka sake duba kujera ka gyara Lift. Sau biyu ko uku ana kaiwa da komowa kafin su zauna. Daga ƙarshe ka taɓa Gamma har kuncin matar ya zo kusa da 430.

Idan bango da fuska suka ƙi zama tare, wato ka daidaita ɗaya ɗayan ya kauce, to fuska ake bi. Fitilar dare ba ta haska bango kamar yadda taga ta haska shi ba, kuma mai kallo fuska yake kallo. Bango ya ɗan fi duhu ba laifi, fuska ta yi duhu a ɗauka ɗaya ta yi haske a ta gaba shi ne ke tsone ido.

Gyaran B: yanzu launi

Ka danna Alt+S ka ƙara sabon Node, wato ɗan akwatin da ke riƙe da mataki ɗaya na gyara, domin haske ya zauna a ɗaya, launi a ɗaya. Amfaninsa shi ne in wani abu ya lalace, da Ctrl+D za ka kashe guda ka ga ko daga shi ne.

Ka ja Temp zuwa hagu, wajen shuɗi, kana kallon Parade. Ja zai riƙa saukowa, shuɗi na hawa. Lambar da ke jikin wannan maɓallin ba ita ce K ta kyamara ba, don haka kada ka lissafa cewa 5600 ban da 3200 shi ne abin da za ka rubuta. Ma'auni za ka bi. Ka tsaya idan ja da shuɗi sun kusa haɗuwa a kan bango. Da wuya su faɗa daidai da Temp kaɗai. Wataƙila ka samu ja 715, kore 700, shuɗi 660. Ragowar sai ka ƙarasa ta da lambobin da ke ƙarƙashin Gain, ka rage ja kaɗan, ka ƙara shuɗi. Idan ka ga taɓa ɗaya yana motsa sauran biyun, Lum Mix ne ke yin haka, ka mayar da shi 0 kowane launi zai tsaya shi kaɗai.

Ka lura inda muka nufa: 700, 700, 690, ba 700 uku ba. A tana da ɗan ɗumi, kuma ita muke bi. Manufar ba ta mayar da B fara tas ba ce, a'a, ta yi kama da 'yar'uwarta.

Da ka gama da sama, ka duba ƙasan Parade. Yawanci idan an tura shuɗi da yawa don a gyara bango, baƙi yakan rine da shuɗi, gashi da inuwar wuya su yi wani iri. Za ka ga gindin shuɗi ya ɗaga sama da na ja da kore. Ka gyara shi da Lift, ka sauke shuɗin har gindin ukun ya daidaita. Wannan shi ne matakin da masu koyo suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke sa hoto ya ci gaba da yin baƙunta alhali farinsa daidai yake.

Akwai ɗan tsinken White Balance da ake dannawa a kan farin abu, manhaja ta gyara da kanta. Yana rage aiki in akwai fari ko ruwan toka na gaskiya a hoton. Kada dai ka danna shi a kan kwan fitila ko ƙyallin goshi ko tagar da ta ƙone. A can ja da kore da shuɗi duk sun buge rufi, babu bayanin da za a karanta. Haka ma Shot Match to this Clip a Resolve, ko Apply Match a Premiere. Suna kusantar da kai idan ɗaukar biyu sun yi kama da juna, amma tsakanin hoto mai faɗi da fuska ta kusa sukan yi shirme, domin suna gwada abin da ya cika hoton ne ba abin da ya dace ba. Ni dai na fi son hannu, ko ba komai na san abin da aka taɓa.

Fata ce alƙali

Bango ya daidaita, baƙi ya daidaita, amma ba a gama ba sai an duba fuska. A saitin Vectorscope ka kunna Show Skin Tone Indicator. Wani layi zai fito daga tsakiya ya nufi sama ta hagu, tsakanin ja da rawaya, kamar ƙarfe sha ɗaya a agogo. Fatar mutum, fara ce ko baƙa, tana kwanciya a kan wannan layin ko kusa da shi. Bambancin fata mai duhu da mai haske yana fitowa ne a Waveform da kuma nisan alamar daga tsakiya.

Don ka ga fatar kaɗai, ka ƙara wani Node na ɗan lokaci, ka zana ƙaramar da'ira a kan kunci ta Window, wato abin keɓe wani ɓangare na hoto, ka danna Shift+H. Sauran hoton zai ɓace daga ma'auni. Ka yi haka a A, ka yi a B, a wuri ɗaya na fuskar. Abu biyu kake gwadawa: inda alamar ta fuskanta, da tsawonta. Idan ta B ta karkata wajen rawaya fiye da ta A, akwai sauran kore ko rawaya a hoton. Idan ta fi tsawo, launi ya yi yawa, ka koma Node ɗin launi ka rage Sat, wato ƙarfin launi, daga 50 da yake zuwa, ka gwada 45 ko 42. In ka gama ka goge Node ɗin na ɗan lokaci.

Wani gargaɗi game da fata mai duhu. Sau da yawa za ka ji ana cewa fuska ta zauna a kashi 60 zuwa 70 na ma'aunin haske. Wannan lissafin na farar fata ne. Ka tura baƙar fata can, sai ta yi toka-toka, ta rasa jininta. Ma'auninka shi ne fuskar wannan mutumin a A. Kuma fata mai duhu tana ɗaukar launin fitila a inda take ƙyalli, goshi da karan hanci da kumatu, saboda haka kada ka zana da'irarka a kan ƙyalli, ka nemi inda fatar take a kwance.

Gyaran C

Wannan ta fi sauƙi. Ka daidaita haske kamar yadda aka yi wa B. Parade zai nuna bango da kore a sama, misali ja 680, kore 730, shuɗi 690, tsakiya ta yi tozo. Ka ja Tint zuwa dama, wajen ruwan hoda, har tozon ya kwanta. Da kaɗan-kaɗan ake yi, domin ido ya fi saurin kama kuskure a wannan layin fiye da na rawaya da shuɗi, kuma ɗan wucewa zai sa fuskar ta yi jawur kamar mai zazzaɓi.

Wani lokaci bango zai daidaita amma fata ta ƙi, ta tsaya a koɗe. Laifin fitilar ne: wasu fitilun ba sa fitar da isasshen ja, kuma abin da haske bai kawo ba kyamara ba ta ɗauka ba. A nan sai ka shiga Curves, ka zaɓi Hue Vs Hue, ka danna kan fata, ka ɗan karkata ta wajen ja. Da Hue Vs Sat kuma ka ƙara mata ƙarfi kaɗan. Ka tabbata teburin katako bai bi ta ya sauya ba, tunda launinsu ya yi kusa.

Inda gyaran ke tsayawa

Mu koma kan B. Shuɗin bango ya tashi daga 350 zuwa 690, kusan ninki biyu. Yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori suna ajiye mataki 256 ne kawai ga kowane launi, manya kuma 1024. Idan aka miƙe ɗan abin da ke akwai haka, sai tsaki-tsaki ya fito a inuwa, bango mai santsi kuma ya yi layi-layi kamar matakala. Ka buɗe hoton ya cika allo ka duba bango da inuwar wuya. Idan ya fashe, kada ka nace. Ka dawo da B baya kaɗan, ta tsaya a shuɗi 640, sannan ka je A da C ka ɗan ɗumama su su sauko 650. A haɗu a tsakiya. Mai kallo bai san ainihin launin bangon ba, sauyi kawai yake gani.

Abin da ya ƙone kuwa ya tafi. In ka ga layi miƙaƙƙe a kwance a saman Waveform, wurin ba shi da bayani, kuma sauke Gain zai mayar da shi ruwan toka ne kawai. A B jan launi ne ke fara ƙonewa, musamman a goshi, sai ka ga wurin ya yi wani faci bayan gyara.

Mafi wahala ita ce ɗaukar da haske biyu suka haɗu a cikinta, taga a gefe ɗaya, fitila a ɗaya gefen. Duk abin da ka yi da Temp, gefe ɗaya zai gyaru ɗayan ya ƙara lalacewa. Ka daidaita hoton bisa hasken da ya fi faɗa wa fuska. Sannan a sabon Node ka zana Window a kan gefen da ya kauce, ka tausasa bakinsa sosai don kada a ga iyaka, ka gyara can shi kaɗai. Idan shuɗin taga ne kawai ya dame ka kuma babu wanda ya sa shuɗin kaya, rage shuɗi a Hue Vs Sat ya wadatar. Akwai kuma bambancin da ba na launi ba ne: hasken taga mai laushi ne, na kwan fitila ɗaya mai kaifi, inuwarsu ba iri ɗaya ba. Rage Contrast a B zai ɗan sassauta, amma ba ya juya inuwar hanci daga hagu zuwa dama.

Dubawa a guje

Hoto a tsaye yana yaudara. Ka kunna hirar daga farko, ka zuba ido a daidai inda A ke shiga B da inda B ke shiga C, ka maimaita wurin. Idan ka ji ido ya ɗan zabura, ka tambayi kanka wanne ne: haske, ɗumi, kore, ko ƙarfin launi. Guda ɗaya za ka gyara, ka sake kallo. Split Screen tare da Selected Clips zai jera maka ukun a allo ɗaya. In ka daɗe a zaune, ka tashi na 'yan mintoci ka kalli wani abu daban, idonka ya koma daidai.

Sauran kilif-kilif da aka yanko daga ɗaukar B ba sai ka sake su daga farko ba. Ka zaɓi sabon kilif, ka danna tsakiyar linzami a kan wanda ka riga ka gyara, gyaran zai kwafu. Amma ka duba kowanne a Parade. Idan an bar kyamara tana zaɓen launi da kanta, ko kuma rana na sauka ana cikin ɗauka, launin zai riƙa tafiya a cikin kilif ɗaya, farkonsa daban ƙarshensa daban. Irin wannan sai ka sa alama a Keyframes a farko da ƙarshe, ka daidaita kowane gefe da A, manhaja ta cike tsakanin.

Duk wani salo da kake so fim ɗin ya ɗauka, ɗumi ko sanyi ko LUT, wato shiryayyen salon launi da ake ɗorawa a kan bidiyo, sai bayan wannan. Ka ɗora shi sau ɗaya a kan Timeline gaba ɗaya, ba a kan kowane kilif ba, domin in ka sauya ra'ayi gobe wuri ɗaya za ka taɓa, daidaiton A da B da C kuma yana nan a ƙarƙashi.